Masai na tsugunno ko na zama: wanne za mu sa wa tsofaffinmu?

Baban Sadik: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan abin. Muna gyaran gidanmu na gado a cikin birnin Kano, mun zo kan banɗakuna biyu, ɗaya a cikin ɗakin Hajiya, ɗaya a tsakar gida wanda Baba da sauran mutanen gida suke shiga. Duka biyun masai na tsugunno ne na tangaran, ana kora ruwa da bokiti. Hajiya ta haura saba'in da biyar, tana fama da ciwon gwiwa da hawan jini, yanzu ma a kan kujera take salla. Baba ya girme ta, amma har yau yana tsugunnawa ya tashi, kuma ya ce kada wanda ya kawo masa na zama. Ƙannena sun rabu biyu, wasu na cewa a mayar da duka na zama, wasu na cewa a bar musu abin da suka saba. Ruwanmu na rijiya ne da na 'yan garuwa, famfo ba ya zuwa. Me kuke gani?

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Yallaɓai ka bar musu na tsugunno. Shi ne lafiya. Tsugunno yana miƙar da hanyar bayan gida, mutum ba ya yawan yunƙuri. Turawan da suka kawo mana na zaman ma yanzu suna sayar da 'yar kujerar ɗora ƙafa don su kwaikwayi tsugunnon. Kakanninmu da shi suka tsufa.

Ummu Hanan: Ni a sashen gashin ƙashi nake aiki, kuma tsofaffi masu ciwon gwiwa su ne rabin waɗanda muke gani. Ɗan Zariya, maganarka ta farko gaskiya ce. Idan mutum ya tsugunna, lanƙwasar da ke ƙarshen hanji tana saki, fitar ta fi sauƙi. Akwai binciken da Dov Sikirov ya wallafa a 2003, mutum 28 aka gwada, aka ga masu tsugunno sun fi saurin gamawa. Amma ka lura, lafiyayyun mutane ne aka gwada, ba tsohuwa mai gogaggiyar gwiwa ba. Tambayar Baban Sadik ba ta hanji ba ce kawai, ta sauka da tashi ce.

Zama a kan kujera yana buƙatar gwiwa ta lanƙwashe kamar digiri 90 zuwa 100. Cikakken tsugunno yana buƙatar ta wuce 130, kuma nauyin jiki duka yana kanta a lokacin. Wadda gwiwarta ta kai ta ga salla a kujera, ba ta da wannan lanƙwasar. Abin da irinsu suke yi shi ne rabin tsugunno: su duƙa, su dafa bango ko bakin bokiti, cinya na rawa, su yi sauri su tashi ba su gama ba. To ina amfanin da ake faɗa? Ba ta samu tsugunnon ba, ba ta samu zaman ba. Wasu ma har rage cin abinci da shan ruwa suke yi don kada su yawaita shiga, daga nan bayan gida ya yi tauri, abu ya ƙara lalacewa.

Sai batun hawan jini. Wanda ya daɗe a tsugunne ya miƙe farat ɗaya, jini yakan sauka ƙafafu, ya ji jiri ko duhu-duhu a ido. Ga mai shan maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, wannan ya fi yawa, kuma da dare ko asuba ya fi faruwa. Jiri a kan jiƙaƙƙen tayil, babu abin riƙewa, shi ne hanyar karayar ƙashin ƙugu. Tsohon da ya karye a ƙugu, da yawansu ba sa komawa tafiyarsu ta da. Don haka ni dai ga Hajiya ba na ganin akwai muhawara. Ta Baba ce abin tattaunawa.

Ɗan Zariya: To Anti, ba barin tsugunnon ne ke kashe gwiwar ba? Na ga tsofaffin ƙauye 'yan tamanin suna tsugunne a bakin kasuwa awa guda.

Ummu Hanan: Wanda yake iya yi ba tare da ciwo ba, ci gaba da yi yana riƙe masa ƙarfin cinya da sakin gaɓɓai, shi ya sa ban ce a taɓa na Baba da gaggawa ba. Amma gurguntsin da ya riga ya goge ba ya dawowa don an tilasta masa tsugunno. Kuma waɗanda kake gani a bakin kasuwa su ne waɗanda suka iya fitowa. Na cikin ɗaki ba ka ganinsu.

Auta: Ni fa shawarata kada ku yarda da shadda ko kaɗan. Ga wari, ga kyankyaso, ga ƙuda, kuma da damina tana iya ruftawa. A yi na zamani kawai a huta.

Baban Sadik: Auta, ba shadda muke magana ba. Duka biyun na ruwa ne, suna zuwa sokawe. Bambancin a zauna ne ko a tsugunna.

Auta: Au, afuwan Yaya. To ai na zaman ya fi kyau ko a ido.

Oga Mai Famfo: Salamu alaikum. Aikina ke nan, bari in faɗi abin da ya shafi hannuna, na gwiwa na bar wa Anti. Alhaji, kafin ka sayi komai, ka sani ba a cire na tsugunno a ɗora na zama a gurbinsa kamar canjin kwan fitila. Na tsugunno a nutse yake cikin daɓe, maƙoshinsa mai riƙe ruwa yana ƙarƙashin ƙasa. Na zama kuma da nasa maƙoshin a jikinsa yake zuwa. Dole a fasa daɓen, a fitar da tangaran ɗin har da tsohon maƙoshin, a cike ramin, a ja bututun inci huɗu zuwa inda sabon zai zauna. Wasu masu gaggawa sukan bar tsohon maƙoshin a ƙasa su ɗora sabo a kai. Maƙoshi biyu a jere, iska na maƙalewa a tsakani, ruwa ba ya tafiya da ƙarfi, wata biyu ba a yi ba an fara kiranmu toshewa. Idan ka ga an kora ruwa ya taso sama kafin ya sauka a hankali yana gurguɗa, to ka zargi wannan ko kuma rashin gangara.

Na zaman iri biyu ne a kasuwa: mai fitarwa ta ƙasa da mai fitarwa ta bango. Idan bayan bangon banɗakin fili ne ko lungu da camba a kusa, wato ɗan ramin da bututun yake zubawa kafin sokawe, mai fitarwa ta bango ya fi sauƙi, huda ɗaya ce. Idan ta ƙasa za a bi, yawancinsu suna son tsakiyar ramin ya kasance kamar santimita 25 zuwa 30 daga bangon baya bayan an sa tayil, kowane samfuri da nasa. Don haka a fara sayen tangaran ɗin, a auna shi, sannan a kafa bututu. Kada a kafa bututu a tafi kasuwa neman wanda zai dace da shi.

Amma abin da ya fi tsaya min a maganarka shi ne ruwa. Tankin na zama na yanzu yana zubar da kamar lita 6 a kowane ja, tsofaffin samfuri lita 9 ko fiye. Na tsugunno lita biyu ko uku ta ishe shi idan an watsa da kyau. Ka ɗauka tsofaffin biyu kowa ya shiga sau shida a yini, ana ja kowane lokaci: lita 72 ke nan, kusan jarka uku ta 'yan garuwa, ban da na tsarki. Idan kuma tsakar gida ka mayar na zama, ga yara ga baƙi, ka lissafa da kanka. Kuma duk ruwan nan sokawe zai nufa, ya cika da wuri, musamman a unguwannin da ruwa yake kusa da damina.

Maman Ilham: Oga, mu namu na zama ne amma da bokiti muke korawa, tankin ya daɗe da mutuwa. Yana tafiya lafiya lau.

Oga Mai Famfo: Yana tafiya Hajiya, idan an zuba kamar lita huɗu zuwa biyar a lokaci ɗaya, daga ɗan sama. A hankali in aka tsiyaya ba ya kora komai. To wa zai ɗaga? Lita biyar kilo biyar ce. Ke za ki iya. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, a tsaye a kan jiƙaƙƙen daɓe, ta sunkuya ta ɗaga ta watsa, nan ma wata ƙofar faɗuwa ce. Kuma in ba za ta iya ba, sai ta kira jika ya zo ya kora mata, wanda na san iyayenmu ba sa so. Shawarata ga Alhaji, ko ƙaramin tanki ne na lita 500 a ɗora a sama, a riƙa cika shi daga rijiyar da ɗan inji, a ja bututu zuwa banɗakin Hajiya kaɗai. A sayi mai maɓalli biyu, ƙarami na fitsari kamar lita 3, babba lita 6.

Maman Ilham: Ni dai abin da zan ce wa Baban Sadik, kada ku yi aikin nan ba ku zauna da Hajiya ba. Surukata muka kawo daga ƙauye don jinya, ɗakin da muka sauke ta na zama ne. Kwana da kwanaki ban gane ba, sai na riƙa ganin sawun silifas a bakin tangaran ɗin. Ashe hawa take yi ta tsugunna a kai. Da na tambaye ta cikin lallashi, ta ce ita ba za ta ɗora jikinta inda wani ya ɗora nasa ba, kuma in ta zauna abin ba ya zuwa. Jikina har rawa ya yi, don tana da jiki.

Oga Mai Famfo: Innalillahi. Wannan shi ne mafi haɗari a duka. Tangaran ɗin ba a yi shi don nauyi ya taru a baki ɗaya ba, kuma noti biyu ne kawai suke riƙe da shi a ƙasa. Yakan tsage ko ya kife, fasasshen tangaran kuwa yana yanka sosai, a cinya da mazaunai inda manyan jijiyoyin jini suke. Duk wanda ya san tsohonsa zai hau, gara ya bar masa na tsugunno ya sa masa ƙarfen riƙewa.

Baban Sadik: Wannan ita ce damuwata. Na taɓa yi wa Hajiya maganar, abin da ta ce shi ne tsarki. Ta ce a Saudiyya ta ga irinsa a masauki, ruwan ciki yana fallatsowa, kuma ba ta san yadda za ta yi da buta ba. Ba ta son ta tsaya salla tana kokwanto.

Malam na Tudun Wada: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, damuwarta ta mai kula da addininta ce, kada a yi mata dariya. A iya sanina babu wani dalili da ya hana zama a kan masai. Abin da shari'a ta nema shi ne sutura, da kauce wa najasa, da tsarki bayan an gama. Wadda aka yi wa rangwame ta yi sallar farilla a zaune saboda gwiwa, ba za a ce dole ta tsugunna a makewayi ba. Game da kokwanto kuwa, abin da muka karanta tun a Ahalari ya wadatar: idan an san inda najasa ta taɓa, a wanke wurin, idan ana shakkar ta taɓa tufafi ko ba ta taɓa ba, a yayyafa ruwa. Ba a ce a sake wanka ko a canza kaya duk shiga ba. Jikin da ruwan ciki ya fallatsa wa kuwa, ai dama wurin da za a wanke ne. Sai dai ina roƙon masu gini, tunda za a fasa, in da hali a karkatar da shi daga fuskantar alƙibla ko ba ta baya. A mazhabarmu an sauƙaƙa a cikin gini, amma tsoho hankalinsa ya fi kwanciya in an kauce.

Ummu Hanan: Na gode Malam. Bari in ƙara ta fuskar aiki, don tsarki a kan na zama yana da dabara, kuma ba wanda yake koya wa tsofaffi, kunya ta hana. Na farko a sayi mai dogon baki, ba mai zagaye ba. Mai zagaye in mutum mai jiki ya zauna, babu sauran wurin da hannu da buta za su shiga ta gaba. Na biyu, buta kada ta kasance a ƙasa. Sunkuyawa daga zaune don ɗauko buta a daɓe ita ma tana kawo jiri. A yi mata ɗan dakali ko kanta a gefen dama, daidai tsayin zama, tunda da dama ake zubawa a wanke da hagu. In an samu tankin da Oga ya faɗa, 'yar tiyon tsarki ta fi, amma a gwada wadda matsinta ba shi da tauri, don yatsun tsofaffi ma suna ciwo. Fallatsi kuma, in an jefa 'yar takardar bayi kaɗan a kan ruwan kafin a zauna, yana raguwa sosai. Kuma mace ce za ta nuna mata, 'yarta ko wadda ta yarda da ita, ba ɗanta namiji ba.

Oga Mai Famfo: Tiyon tana son tanki ya ɗan yi sama. In a kan rufin banɗakin kawai aka ɗora shi, ruwan zai zo a hankali ba ƙarfi, amma don tsarki ya isa, wasu tsofaffin ma sun fi son haka. Takardar kuma kaɗan fa, ban da tsumma ko ƙyallen goge jarirai.

Injiniya Kaduna: In za a yi a yi mai kyau. Akwai masu tsayi na musamman don tsofaffi, santimita 46 zuwa 48, maimakon 40 da aka saba. Iya tsayinsa iya sauƙin tashi. Shi na sa wa mahaifina, ya ji daɗinsa ƙwarai.

Ummu Hanan: Injiniya, mahaifinka dogo ne ko?

Injiniya Kaduna: Dogo ne sosai.

Ummu Hanan: Shi ya sa. Tsayi yana sauƙaƙa tashi, amma yana da iyaka. In ƙafa ta daina taka ƙasa sosai, mutum ba shi da abin tokarewa, bakin masai yana danne bayan cinya, ƙafa ta yi sanyi, kuma a nan maganar Ɗan Zariya take dawowa, don iya tsayin zama iya wahalar fitar bayan gida. Baban Sadik, ga abin da za ka yi yau. Hajiya ta zauna a kujera da silifas ɗin da take shiga bayi da shi, a auna daga ƙasa zuwa lanƙwasar bayan gwiwarta. Tsayin zama, har da murfin roba, ya zama daidai wannan ko ya ɗara da santimita biyu zuwa biyar. Sannan ka duba kujerun gidan, wacce ce take tashi daga kanta ba tare da an kama ta ba, ka auna ita ma. Ka kawo mana lambobin.

Inna ta Maraɗi: Sannunku 'ya'yana. Jikata ce take rubuta min. Ni ce irin waɗanda kuke magana a kansu, shekaruna sun kusa na Hajiyar. Mu nan salga muke da ita, ba ta ruwa ba. Da gwiwa ta ƙi, ɗana ya kai wa mai walda ya yi min kujerar ƙarfe mai rami a tsakiya da hannuwa biyu, ana ɗora ta a kan bakin salgar. Ba a fasa komai ba, yara in za su shiga su jawo ta gefe. Hannuwan nan su ne rahama, da su nake tashi. Abin da ban so ba, nisa tsakanin kujera da rami, in ba a daidaita ba ana ɓata gefe, sai an wanke. Daga baya aka yanke gindin bokitin roba aka ɗaura a ƙarƙashi, ya zama kamar mazurari. Da dare kuma ba na fita, ana kawo ta ɗaki a sa fo a ƙasa. Ku tambayi uwarku, kada ku yanke mata. Mu ba ƙin sauƙi muke ba, kunyar a ce mun gaza muke ji.

Baban Sadik: Allah ya ƙara girma Inna, Allah ya ba da lafiya. Wannan maganar ta shige ni.

Ummu Hanan: Inna ta kawo hanya ta uku, kuma ita ce zan so ku fara da ita ko da za ku fasa daga baya. Ana sayar da irin kujerar a shagunan kayan asibiti, wasu ana ƙara musu tsayi ana ragewa, suna da robar ƙafa. Ku ɗora a kan na tsugunnon Hajiya ta yi mako biyu ko uku. A nan za ku gane ko za ta saba da zama, da tsayin da ya yi mata, kafin a kashe kuɗin siminti. Ku tabbatar ƙafafu huɗun suna kan daɓe sosai, ba ɗaya a kan gangaren tangaran ba. Masu naɗewa marasa hannu, sirara, ba na son su ga mai jiki.

Oga Mai Famfo: A matsayin gwaji na yarda. A matsayin dindindin ban so ba in akwai halin gyara, don kujera tana motsi, ƙarfe yana tsatsa a wurin walda inda ido ba ya gani, ga wankin kullum da zai faɗa kan wata a gidan.

Inna ta Maraɗi: Tawa ta daɗe ba ta karye ba, ɗana. Ana shafa mata fenti.

Baban Sadik: Na je gida na auna. Bayan gwiwar Hajiya santimita 39 ne da silifas. Kujerar da take salla a kai 42 ce, daga ita take tashi da kanta in ta dafa gwiwa. Kujerar falo mai laushi kuwa sai an ja ta. Banɗakin faɗinsa mita ɗaya da santimita 20, tsawonsa mita biyu, ƙofa tana buɗewa ciki, akwai tudu a bakin ƙofar. Bayan bangon lungu ne, cambar tana nan.

Ummu Hanan: Madalla. To kun ga, mai 48 da ya yi mata yawa. Na yau da kullum mai 40, in an ɗora murfi ya kai 42, shi ne nata. In gaba gwiwar ta ƙara tsanani ko aka yi mata aiki, akwai abin ƙarin tsayi na roba da ake ɗorawa a kai, santimita 5 ko 10. Saukar da dogo shi ne ba ya yiwuwa. A ajiye mata ɗan ƙaramin matashi na katako, kamar santimita 10 zuwa 15, ta ɗora ƙafa bayan ta zauna in bayan gida ya yi tauri, ta ɗan karkato gaba. Amma ta ture shi gefe kafin ta tashi, kada ya zama abin tuntuɓe. Wanda aka yi wa aikin ƙugu kwanan nan ban da shi, sai likitansa ya yarda.

Yanzu ƙarfen riƙewa, wanda a wurina ya kai masan muhimmanci. Na zama ba tare da ƙarfe ba rabin aiki ne, don za ta kama abin da ta samu: kan famfo, maratayin tawul, bakin wurin wanke hannu, duk abubuwan da ba a yi su don ɗaukar mutum ba. A sa ɗaya a kwance a bangon gefe, kamar santimita 20 zuwa 25 sama da wurin zama, a sa ɗaya a tsaye gaba kaɗan da gwiwarta, wanda za ta ja jiki da shi ta kuma riƙe bayan ta miƙe har jirin ya wuce. Kafin a huda bango, ta zauna a kujera a wurin ta miƙa hannu, a yi alama da alli inda hannun ya sauka.

Oga Mai Famfo: Da wannan awon aikin ya yi sauƙi. Mai fitarwa ta bango, kai tsaye zuwa lungu. A matso da shi gefe ɗaya, tsakiyarsa kamar santimita 40 zuwa 45 daga bangon da ƙarfen zai zauna, sai ɗaya gefen ya rage fili ga mai taimako in ta kama. Ƙarfen kuma kada a ɗaura shi da 'yan kusoshin roba a jikin bulo mai rami, zai fita da tayil ɗin gaba ɗaya ranar da aka fi buƙatarsa. A fasa ramin bulon a cika da kankare, ko a huda bangon ya fita waje a ɗaure da noti da faranti ta lungu. Kaurinsa kamar inci ɗaya da kwata, yadda hannu zai zagaye shi, wanda ba ya tsatsa. In an gama, ƙato ya rataya a jiki ya gani. Ƙofa a juya ta ta buɗe waje, don in mutum ya faɗi a bayanta ba a iya turawa. A cire sakatar ciki ko a sa wadda ake buɗewa ta waje. Tudun bakin ƙofa a kwantar da shi. Tayil na ƙasa mai kaushi, ka jiƙa shi a shago ka goga tafin hannu kafin ka biya. Gangaren daɓe ya kai ruwa magudana, nesa da inda ƙafarta take sauka.

Maman Ilham: Da fitila mai caji a ciki da kan hanya. Wutar nan ba abin dogaro ba ce, kuma yawancin shigarsu da dare ne.

Ɗan Zariya: Na Hajiya na sallama. Amma Baba fa? Ina nan a kan bakana, a bar masa.

Injiniya Kaduna: Ni kuma ina ganin tunda ma'aikata suna gidan, a yi duka yanzu. Mutum ɗan tamanin, yau lafiya gobe wani abu, shanyewar ɓarin jiki ba ta sallama. Sai a zo ana fasa daɓe da majinyaci a kwance.

Maman Ilham: Na tsakar gida fa kowa ke shiga, Injiniya. Yara maza za su jiƙa bakin da fitsari, baƙi su hau da takalmi. Baba ba zai zauna a wannan ba, kuma yana da gaskiya.

Ummu Hanan: Ban ga Baba ba, ba zan yanke daga nesa ba. Amma ga abin da za ku lura da shi ba tare da kun tsare shi da tambaya ba. Yana tashi daga tabarma ko sujada ba tare da dafa bango ba? Zai iya tashi daga kujera sau biyar a jere hannunsa a ƙirji? Ya taɓa faɗuwa ko tangaɗi a shekarar nan? Akwai sawun hannu a bangon bayin daidai inda ake dafawa, ko kan famfon ya fara girgiɗi? Ya fara daɗewa a ciki fiye da da? In duka lafiya, ni zan bar masa tsugunnonsa, in sa masa ƙarfe a tsaye a gabansa da wani a gefe, in gyara santsi. In biyu daga ciki sun nuna matsala, maganar ta canza.

Oga Mai Famfo: Akwai tsaka-tsaki tsakanin Injiniya da Ɗan Zariya. In na tsakar gidan yana da fili, a ja reshen bututun inci huɗu yanzu zuwa gefe ɗaya, a toshe bakinsa da murfi. Ranar da aka buƙaci na zama, aikin yini ɗaya ne, ba fasa daɓe.

Baban Sadik: Na Baba ƙarami ne, bai kai na Hajiya ba, ban san ko zai ɗauki biyu ba. Sau biyar ɗin zai iya, na tabbata, amma na ga yana dafa bango in zai tashi daga sallar asuba. Ƙanwata za ta kai wa Hajiya kujerar gwajin ranar Asabar, ita za ta nuna mata. Ƙarfen kuwa ban san yadda zan faɗa wa Baba ba, don zai ce mun mayar da shi tsoho.

Inna ta Maraɗi: Kada kai ka faɗa masa. Ka samu amininsa ko limamin unguwa.

Oga Mai Famfo: Alhaji, turo min faɗi da tsawon na Baban, da gefen da cambar take, da ko bangon bulo ne ko ginin ƙasa aka yi wa filasta. In ginin ƙasa ne ƙarfen ba zai kamu a bango ba, sai dai a kafa shi daga daɓe.